Kurakuran da ake yi da NAC, maganin da ke kare hanta, in mutum ya sha farasitamol fiye da ƙima

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne wai a bari a ga abin da hali zai yi. Mutum ya afa ƙwayoyi da yawa, awa shida ta wuce yana zaune ras, in ya yi yawa ɗan tashin zuciya, sai 'yan uwa su ce ai Allah ya tsare. Wallahi ba haka abin yake ba. Farasitamol a ranar farko shiru yake yi, ciwon gefen ciki na dama sai kwana na biyu, idanu su yi rawaya mutum ya fara sambatu kuwa sai kwana na uku ko na huɗu, lokacin hanta ta riga ta jigata.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Yawancin maganin hanta tana ɗaure shi da wasu sinadarai ya fita ta fitsari lafiya lau, amma ɗan kaɗan daga ciki yana rikiɗa ya koma wata guba da ake kira NAPQI. Hanta tana da ajiyar wani sinadari, gulutatayon, shi ne ke cafke gubar nan take. In an sha daidai ƙa'ida ajiyar ta isa har da saura. In aka yi mata lodi kuwa sai hanyoyin farko su cika, gubar ta yi ta ƙaruwa, ajiyar ta yi ta raguwa, da zarar kusan kashi 70 cikin ɗari ya tafi sai NAPQI ya fara manne wa ƙwayoyin hantar kansu yana kashe su.

To a nan ne kuskure na biyu yake, mutane sun ɗauka NAC, wato N-asetilsistayin, wankin ciki ne da ke fitar da farasitamol. A'a. Abubuwa uku hanta ke haɗawa ta yi gulutatayon, biyu ba sa yi mata wuya, na ukun, sistayin, shi ne ke yanke mata. NAC shi yake kai mata sistayin ɗin ta ci gaba da ƙera abinta. Shi ya sa lokaci ya zama komai, in an fara cikin awa 8 ana cike rumbun ne kafin ya ƙare, kuma da wuya hantar ta lalace.

Mu ce mai kilo 60 ya sha giram 12 a tashi ɗaya da ƙarfe 10 na dare, wato miligiram 200 kan kowane kilo, ya haura 150 ɗin da ake jin tsoro. An kawo shi 11, sai wani ya yi garaje ya ɗebi jini don auna farasitamol ɗin da ke ciki, sakamako ya fito ƙasa, aka sallame shi. Kuskure ne babba, domin kafin awa 4 maganin bai gama shiga jini ba, jadawalin da ake auna haɗari da shi ma daga awa 4 ya fara. Sai a jira 2 na dare a ɗiba. In kuma sakamakon zai haura 6 na safe bai fito ba, a sa NAC kawai, ba a jiran takarda. Wanda ya yi ta sha kaɗan-kaɗan kwana biyu saboda ciwon haƙori kuwa jadawalin ba ya aiki a kansa sam.

Daɗaɗɗen tsarin ba da NAC ta ƙarin ruwa leda uku ne: 150 mg/kg cikin awa 1, sai 50 cikin awa 4, sai 100 cikin awa 16. Ga mutumin namu giram 9 ke nan, sai 3, sai 6, jimla 18 cikin awa 21.

Ledar farko ita ce mai rigima saboda ƙarfinta, fuska ta yi ja, jiki ya hau ƙaiƙayi, wani ya yi amai, wani numfashinsa ya fara fito musamman mai asma. Sai ka ga an cire ruwan an rubuta wai jikinsa ba ya karɓa, shi ke nan an bar shi da gubar. Galibi saurin shigar ne ya jawo. A tsayar na ɗan lokaci, a ba da maganin ƙaiƙayi, a kula da numfashin, in ya lafa a mayar a hankali.

Cikar awa 21 ma ba ita ce sallama ba. A sake duba ALT, gwajin da ke nuna raunin hanta, da INR, gwajin daskarewar jini, da ragowar farasitamol a jini, in ALT na hawa ko maganin bai ƙare ba a ɗora wata leda. Wanda ya zo bayan kwana biyu idonsa har ya fara sauya shi ma kar a ce ai ya makara, NAC yana taimaka wa hantar da ta riga ta ji rauni, a sa masa a ci gaba da bibiyar INR ɗin.