Idan mitin ya yi tsit: kurakuran sababbin shugabanni a ofis

Na gaji da ganin an ƙara wa mutum girma, kafin a jima mitin ɗinsa ya koma huɗuba. Babban kuskuren shi ne shugaba ya fara faɗin abin da ya yanke, sannan ya ce, "Ko akwai mai magana?" Wa zai yi? A tarbiyyarmu ƙarami ba ya musa wa babba a gaban jama'a. Da zarar ka riga kowa magana, ka rufe musu baki.

Na biyu ya fi ciwo: katse mutum. Na yi aiki a ƙarƙashin wata Hajiya a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Wuse, Abuja. Wata Litinin ta ce motar kai kaya Nyanya da Mararraba za ta riƙa tashi ƙarfe 4 na yamma. Direbanmu, dattijo, ya ce, "Ranki ya daɗe, a wannan lokacin daga mahaɗar AYA..." Ta ce, "Baba, ba uzuri na tambaya ba." Ya sunkuyar da kai. So yake ya ce lokacin ne ma'aikata ke tashi, hanyar Keffi ta cushe, mota ba za ta isa ba sai an rufe shaguna. Haka kuwa aka yi. Kaya suka riƙa kwana a mota, kwastomomi suka koma wajen wasu, kamashonmu ya zube. Kowa ya san dalili, amma a mitin sai "To, Hajiya" da "Yadda kika ce." Ainihin maganar kuma sai bayan Azahar, a gindin bishiya wajen ajiye motoci.

Haba jama'a! Idan mitin ya fara ƙarewa da wuri, babu tambaya, babu gardama, kada ka ɗauka an gamsu. An haƙura da kai ne.

Da Hajiya ta farga, sai ta sami direban shi kaɗai ta ce, "Baba, ƙarasa min maganar rannan." Ta zauna har ya kai aya. Aka mayar da tashin motar ƙarfe 11 na safe, kuma a mitin na gaba ta faɗa a gaban kowa cewa shawararsa ce. Duk da haka bakin mutane bai buɗe nan take ba. Akawu ne ya fara gwadawa da ƙaramar magana, ya ga ba a gwasale shi ba, sannan sauran suka biyo.

Ni yanzu haka nake yi: in kawo matsala ba tare da ra'ayina ba, in fara da mafi ƙanƙanta a muƙami, in rubuta abin da aka ce, in yi magana a ƙarshe. Mako na gaba in faɗi shawarar da aka ɗauka, da dalilin barin sauran.

Akwai kuma wasu kurakuran: danna waya ana yi maka bayani, kife ta. Yi wa ma'aikaci faɗa a gaban abokan aiki, kai shi ofishinka. Mitin ɗin Juma'a dab da tafiya masallaci kuwa, ɗage shi, hankalin kowa yana kan agogo.