Yadda ake wanke teburan kicin da kashe ƙwayoyin cuta da bilic: awo, lokaci da jadawali

Kuskuren da aka fi yi a kicin ɗin gidajen abinci shi ne a tsiyaya bilic da omo cikin bokiti ɗaya, a tsoma tsumma, a goge tebur, a bi da wani tsumman a busar, a ce an gama. Wanki daban, kashe ƙwayoyin cuta daban, kuma na biyun ba ya yiwuwa sai an gama na farkon. Kulorin da ke cikin bilic yana ƙarewa ne a kan duk abin da ya fara tararwa. Idan ya tarar da maiƙon kaza da ɓurɓushin albasa, a kansu ƙarfinsa zai ƙare, ƙwayoyin cutar da ke ƙarƙashi kuwa su kwana lafiya.

Haɗa ruwan

Bilic ɗin da ake nufi shi ne na ruwa wanda ba a sa masa turare ba, wanda a Nijar ake kira ruwan jabel. Fara da duba jikin robar, za ka ga an rubuta ƙarfinsa. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a shaguna kashi 3.5 cikin ɗari ne, akwai kuma na kashi 5.

Ana auna ƙarfin ruwan da aka sirka da ppm, wato miligiram nawa na kulorin ke cikin lita ɗaya. Wurin da abinci ke taɓawa yana buƙatar tsakanin 50 zuwa 200. Abin da ya fi dacewa shi ne a nufi 100, don ko hannu ya ɗan zarce ko ya gaza, ana nan cikin iyaka. Ga lissafin:

```
ml = (ppm × lita) ÷ (% × 10)
```

A ce bokitinka na lita 10 ne, bilic ɗin kuma na kashi 3.5. Ninka 100 sau 10, ka samu 1,000, ka raba da 35. Ya ba ka mililita 29, kusan babban cokalin awo biyu ke nan, tunda kowanne mililita 15 yake ci. Idan na kashi 5 ne, mililita 20 ta isa. Jarka mai lita 25 kuwa za ta ci kimanin mililita 70 na mai kashi 3.5. Cokulan cin abinci ba girmansu ɗaya ba, murfin robar ma haka, saboda haka sayi sirinji marar allura mai mililita 20 a kantin magani, ka ɗaure shi da zare a jikin robar. Ka kuma ja layi a cikin bokitin daidai inda lita 10 ta tsaya.

Ruwan ya zama mai sanyi kuma garau. Tafasasshen ruwa yana korar kulorin ya bi iska, ya shiga hancin mai aiki. Ruwan rijiya mai laka kuma yana cinye wani kaso tun kafin a fara, don haka a bar shi ya kwanta, a tace. A fara zuba ruwa, sannan bilic.

Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan tsami, ruwan lemon tsami, maganin wanke masai, ko wani abu mai amoniya. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu, musamman a kicin marar taga.

Matakan aikin

A ɗauki misalin teburin ƙarfe da katakon yanka da aka gyara ɗanyar kaza a kansu, ana kuma so a yanka kabeji da latas. Nan ne haɗarin yake, domin kazar za ta shiga wuta, salak ɗin kuwa daga katako sai faranti.

Da farko a kankare duk wani guntun nama da fata a zuba a shara. Sai a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a sa buroshi a bi sawun wuƙa a jikin katakon da bakin teburin inda ƙarfe ya lanƙwasa. A ɗauraye da ruwa mai tsabta har kumfa ta ƙare. Mutane suna tsallake ɗaurayar nan, alhali ragowar sabulu tana rage wa kulorin ƙarfi. Shafa yatsa a kai: in da santsi, akwai sauran maiƙo, a sake wankewa.

Yanzu ne za a sa ruwan bilic. A jiƙa teburin sharkaf, katako da wuƙa kuma a nutsar da su cikin bokitin. Su zauna a jiƙe aƙalla minti ɗaya cur, biyu ya fi, kuma idan takardar robar ta faɗi lokaci mafi tsawo, ita za a bi. Lokacin nan shi ne aikin kansa, domin kulorin ba ya kashewa nan take, kuma da zarar wurin ya bushe ya daina aiki. A lokacin hunturu, ko kusa da murhu, tebur yana iya bushewa kafin mintin ya cika. In haka ta faru a sake jiƙawa. A duba agogo, domin mai sauri yana ganin daƙiƙa 20 kamar minti.

A ƙarshe a bar su su sha iska su bushe, katako a jingine shi a tsaye. A ƙarfin 100 ba sai an ɗauraye ba. Kada a bi da tawul ɗin da ke rataye a kafaɗa tun safe, don shi zai mayar da duk abin da aka cire.

Yaushe za a yi

Kafin a fara aiki da safe, a bi teburan da ruwan bilic ko da an wanke su jiya, saboda ƙura, kyankyasai da ɓeraye na dare. Bayan ɗanyen nama, kaza, kifi ko ƙwai, a yi matakan duka nan take, ba jira. Teburi, wuƙa ko bilenda da ake aiki da su ba tsayawa kada su wuce awa 4 ba a wanke ba: gidan abincin da ya buɗe ƙarfe 7 zai yi da ƙarfe 11, da 3, sannan lokacin tashi. Mariƙin firji, kan famfo da makunnin gas su samu nasu sau biyu a yini, tunda hannun da ya taɓa kaza nan yake fara zuwa. Cikin firji da kantocin ajiya sau ɗaya a mako. A rubuta jadawalin a manna a bango, da gurbin sa hannun wanda ya yi.

Ruwan bokitin kansa a haɗa sabo kowace safiya, a canza shi duk bayan awa 2 zuwa 4, ko da zarar ya gurɓace. Warin bilic ba awo ba ne. Akwai 'yar takardar gwajin kulorin da ake tsomawa, launinta ya canza, a gwada da jadawalin launin da ke jikin kwalinta. Idan an auna daidai amma ta nuna ƙasa da 50, to bilic ɗin ya tsufa ko ya sha rana a shago, domin zafi da haske suna karya shi tun yana cikin roba.

Inda awon ya canza

Idan wani ya yi amai a kicin, 100 ba ta isa ba. A sa safar hannu, a kwashe, a wanke da sabulu, sannan a haɗa aƙalla 1,000, wato mililita 30 na mai kashi 3.5 a kowace lita ɗaya. A bar shi jiƙe minti 5 ko fiye, kuma wannan karon dole a ɗauraye duk inda abinci zai taɓa.

Bilic yana cin alminiyam, don haka tukwanen dalma a bar su da sabulu da tafasasshen ruwa. Ƙarfen da ba ya tsatsa ma yana yin ƙananan ramuka idan aka kwanar da wuƙaƙe a cikin ruwan. Katakon da ya tsage, ko robar yankan da sawun wuƙa ya yi zurfi har ya yi baƙi, kulorin ba ya kaiwa cikinsu. A goge katakon da samfefa har ya yi sumul, robar kuwa a sayi sabuwa, a kuma ware ɗaya ta ɗanyen nama kaɗai mai launi daban.