Darasi na Bakwai: Takardar Ƙorafi da Shaidar an Karɓa

A rigimar kuɗi, "ai na faɗa musu" ba hujja ba ce. Abin da ke tsaya maka shi ne takarda mai kwanan wata, wadda ke nuna ƙorafinka ya shiga hannunsu.

Ga misali. Wata mata ta biya kuɗi da katinta ranar 3 ga wata, sai aka cire mata sau biyu. Washegari ta rubuta wa bankinta wasiƙa, ta sa lambar asusu, da ranar da abin ya faru, da adadin da take so a mayar. Ta yi kwafi biyu, ta haɗa da hoton rasit da na saƙon cire kuɗi. Asalin rasit ɗin kuwa ta riƙe abinta. Rasit na na'ura rubutunsa kan goge, musamman a wuri mai zafi, don haka a ɗauki hotonsa tun ranar farko.

Da ta miƙa wasiƙar, ba ta juya ta tafi ba. Ta ce wa ma'aikacin, "Malam, don Allah a buga mini hatimi a kan tawa." Ya buga, ya sa hannu, ya rubuta 4 ga wata, ya ba ta lambar ƙorafi. A nan mutane da yawa ke yin sakaci, abin kuma yana damuna. Hatimi babu kwanan wata rabin shaida ne, domin daga wannan rana ake fara lissafi. Idan aka ƙi karɓa, ka aika ta gidan waya da rajista, ka adana rasit. Idan imel ne, adana amsar da suka turo, don ita ke nuna saƙon ya isa.

Ta kuma tambayi wa'adi, aka ce kwana 14. Ranar 18 ta wuce shiru. Sai a lokacin ta rubuta wasiƙa ta biyu, ta ambaci lambar ƙorafin, ta rubuta a ƙasa cewa an ba manaja kwafi. A imel, adireshinsa a layin Cc ake sa shi.

Me ya sa ba ta fara da hukumar da ke sa ido kan bankuna ba? Domin yawanci tambayar farko da za a yi mata ita ce ko ta kai kuka bankin, kuma yaushe. In babu shaida, can za a mayar da ita. Lokacin hukuma shi ne bayan wa'adi ya cika ba amsa, ko an ba da amsar ƙarshe da ba ta gamsar ba. Amma idan kana zargin sata ake yi a asusunka, kada ka jira wa'adi: sa a rufe katin nan take, ka sanar da manaja ran nan.

Aiki: rubuta wasiƙar matar ta biyu cikin layi shida. Kada lambar sirri ta fito a ciki.