Babi na Huɗu: Kuɗin Ko-ta-kwana Kafin Zuba Jari

Darasi na 1: Ragon Isiyaku

Ɗalibai, ku buɗe littafin rubutunku, ku ɗauki fensir. Wanda bai saba da lissafi ba kada ya damu, a hankali za mu bi.

Akwai wani matashi da ya yi wannan aji, bari mu kira shi Isiyaku. Masinja ne a wani ofis a Sabon Gari, yana haya a Tudun Wada, albashinsa naira dubu 90 a wata. Ya yi adashi ya kwashi dubu 120. Abokai suka ce kada ya bar kuɗi kwance, ya sayi rago ya yi kiwo, in Babbar Sallah ta zo ya sayar dubu 180. Shawarar ba banza ba ce, mutane da yawa na cin riba da kiwo. Ya saya. Wata biyu yana sayen dusa da harawa, ya kashe dubu 20.

Saura wata uku Sallah, cikin dare matarsa ta kama naƙuda mai wuya, asibiti suka ce a kawo dubu 60. Isiyaku ba shi da ko sisi a gefe, albashi kuma saura kwana 12. Gari na wayewa ya ja ragon zuwa kasuwa. Dillali ya dube shi sau ɗaya ya gane a matse yake, domin mai gaggawa ba ya iya cewa albarka ya juya. Aka sallama a dubu 105, dillali ya cire la'adarsa dubu 3.

To, ku rubuta. Dubu 120 a haɗa da dubu 20, dubu 140 ke nan, abin da ragon ya ci. Abin da ya shigo hannu dubu 102. A cire 102 daga 140, saura 38. Isiyaku ya yi asarar naira dubu 38, kusan rabin albashinsa, don kawai yana neman dubu 60.

Ragon lafiyarsa ƙalau, kasuwa ma ba ta faɗi ba. Abin da ya faru shi ne an tilasta masa sayarwa a ranar da ba shi ya zaɓa ba. Kowane jari haka yake, yana da lokacinsa. Masarar da aka saya da kaka sai an kai bazara ko damina take tashi. Fili sai an sami mai saye, wani lokaci wata da watanni. Hannun jari kana iya sayarwa, amma a farashin ranar, ko ya hau ko ya sauka, kuma kuɗin ba ya shigowa nan take, sai an jira kwanakin aiki. Sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wadda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 ta shekara bakwai ce. Ciwo kuwa ba ya jiran kaka ko Sallah.

Kuɗin ko-ta-kwana su ne kuɗin da kake ajiyewa a gefe, ba don su haihu ba, sai don ranar da abu ya faɗo ba shiri ka biya da su, jarinka ya ci gaba da zamansa har lokacinsa ya yi.

Darasi na 2: Nawa za a tara?

Ba da albashi ake aunawa ba. Da abin da ka kashe na dole a wata ake aunawa. Na dole shi ne abin da in ba a biya ba gida zai tsaya.

Ga na Isiyaku. Hayar ɗaki dubu 180 a shekara. A raba gida 12, domin wata 12 ne a shekara, kowane wata ya tashi dubu 15. Cefane da hatsi dubu 35. Kuɗin Keke daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari da dawowa dubu 12. Wuta da ruwa da katin waya dubu 6. Abin da yake kai wa mahaifiyarsa a cikin Birni dubu 7, wannan ma dole ne, kada wanda ya ce min a cire. A haɗa duka: dubu 75.

Yawanci ana so mutum ya tara na wata uku zuwa shida. Na wata uku: 75 sau 3, dubu 225. Na san abin da ke ranku, domin duk shekara in na rubuta wannan adadi a allo sai aji ya yi tsit. Kada ya firgita ku. Ku fara da na wata ɗaya, dubu 75. Da Isiyaku yana da wannan kaɗai, da ragonsa ya kai Sallah. Mai aikin gwamnati da albashinsa ke zuwa a kan kari zai iya tsayawa a wata uku. Mai aiki a makarantar kuɗi ko shago, inda za a iya sallamarsa da baki ko a riƙe albashi, ya nufi wata shida.

Yanzu kowa ya rubuta nasa. Kada ka kwafi na Isiyaku, hayarku ba ɗaya ba ce.

Darasi na 3: Ranar da albashi ya shigo

Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

Albashin Isiyaku dubu 90, na dole dubu 75, saura dubu 15. Ya yanke zai riƙa ajiye dubu 10. Yaushe zai cire ta? Ranar da alat ya shigo wayarsa. A ranar, kafin cefane, kafin ya biya mai shago, kafin ya gaya wa kowa an yi albashi.

Ga yadda ake yi. Waya ta yi ƙara, ka ga alat. Ka tsaya inda kake. Ka tura dubu 10 zuwa asusun ko-ta-kwana. Ka jira saƙon da ke nuna kuɗin sun fita. Ka buɗe littafinka ka rubuta kwanan wata, ka rubuta 10,000, ka rubuta jimillar da ta taru. Sai bayan nan albashinka ya fara, kuma daga yau ka ɗauka albashinka dubu 80 ne.

Me ya sa ba a ƙarshen wata ba? Domin a ƙarshen wata babu abin da ke saura. Kun sani, na sani. Kuɗin da ke cikin asusun da kake cefane da shi, ko ba ka yi niyya ba za su tafi: ɗari biyar ta kati, dubu ta gudummawar suna, dubu biyu ta aboki da zai biya jibi. Ba rashin hankali ba ne, haka kuɗi suke in suna kusa da hannu.

Mu maimaita tare. Yaushe ake cirewa? Ranar alat. Kafin me? Kafin cefane. In alat ya shigo da dare fa? A daren. In ranar Asabar ce? Ranar Asabar ɗin.

Wata ɗaliba ta ce min, "Malam, ni dubu 10 ta fi ƙarfina." Na ce, "Malama, nawa za ki iya?" Ta ce dubu 3. Na ce to dubu 3 ɗin, amma ranar alat. Dubu 3 da aka cire ranar albashi ta fi dubu 10 da aka yi alkawarin cirewa ranar 28 ga wata. Da dubu 10, Isiyaku zai haɗa na wata ɗaya cikin wata takwas, na wata uku kuma cikin wata 23. Da nisa, amma sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai zan faɗi gaskiya. Bara na duba littattafan ajin nan bayan wata uku, fiye da rabi layi ɗaya kawai suka rubuta. In na tambaya sai a ce, "Wallahi Malam, wannan watan ne ya zo da hidima, wata mai zuwa zan haɗa biyu." Ba wanda ya taɓa haɗa biyun. Ku ba yara ba ne, wasunku sun girme ni, amma in za ku zauna a benci awa biyu ku koyi wannan, sannan alat ya shigo ku wuce wurin mai tsire, to mun ɓata alli ne kawai. Ranar alat ake cirewa. Ku ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Darasi na 4: Ina za a ajiye?

A asusun ajiya na daban, ba wanda albashi ke shiga ba, a bankin da ke da rajista. Hukumar NDIC ce ke tsaya wa masu ajiya in banki ya rushe, kuma tun 2024 tana biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya a manyan bankuna, wanda ya fi ƙarfin abin da muke magana a kai. Wanda ba ya son kuɗin ruwa akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ. Kada ka riƙa yawo da katin wannan asusu a aljihu. Ka ajiye 'yan dubbai kaɗan tsaba a gida, waɗanda suka ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ba sai an yi musu bayani ba.

Adashi yana da kyau, amma ba shi ne wannan ba, domin kwasarka tana da ranarta. Fansho ma ba shi ba ne, ba a taɓa shi don an kwantar da wani a asibiti.

Wani zai ce ai kuɗi a ajiye tsadar kaya na cinye su. Gaskiya ne. A 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. A irin wannan shekara, dubu 60 da ta kwana a banki wata 12 za ta sayi abin da dubu 46 ke saya a da, an rasa kusan dubu 14. Ku ajiye 14 kusa da 38 ta Isiyaku ku gani. Shi ya sa kuma ba a tara fiye da kima a nan, kuma duk shekara a sake lissafin Darasi na 2.

Darasi na 5: Yaushe ake taɓawa?

Ciwo, rasa aiki, albashi ya maƙale, rufin ɗaki ya yaye da damina. Kayan Sallah ba ya ciki, Sallah ba ta zuwa ba zato. Bikin ƙanwa da kuɗin makaranta ma an san ranarsu, a yi musu tanadi daban. In ka taɓa, ka mayar kafin ka ƙara ko naira a jari.

Darasi na 6: Mai bashi da mai jari

In kana da bashi mai ruwa, musamman na manhajojin waya, tara na wata ɗaya kawai, sannan ka biya bashin tukuna. In na wata uku ya cika, dubu 10 ɗin ta koma jari. Kamfanin da zai karɓi kuɗinka, ka bincika ko yana da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido a kan harkar zuba jari.

Aikin gida: rubuta kuɗinka na dole na wata ɗaya, ka ninka sau 3. Rubuta nawa za ka cire da ranar da za ka cire. A zo da littafin ranar Talata.