Bidiyon shaidar abokin ciniki: ku soke, kada ku ƙara

Jama'a, in za ku rage hira, ku fara rubuta amsoshin kaf yadda aka faɗe su, sannan ku ɗauki biro ku yi ta sokewa. Kada ku sa kalmarku ko ɗaya.

Wata mai ɗinki a Tawa ta ba ni hirar minti 6 kan solar da ta saya, ni kuwa sakan 45 nake so. Na sa wa kowace jimla lamba, na bar uku: wahalarta da ɗaukewar wuta, ranar da aka kafa mata, da kayan sallar da ta gama kan lokaci. Gaisuwa da maimaici duk na zubar.

Dalili? Duk abin da ya rage kan takarda yana cikin muryarta, ba sai na koma Tawa ba. Kuma makwabta sun san bakinta, in an gyara za su ji.

Inda dabarar take ƙin ci: jimlar da ta fara da "shi ne" ko "wannan", alhali kun soke ta gabanta. Ku maido wadda kuka soke ɗin.

Ku kula da "amma". In ta ce yana da kyau amma da tsada, kuka yanke tsadar, kun yi mata ƙarya. Ni sai na kunna mata ta yarda kafin in saki.