Babi na Bakwai: Takardar Lamunin da Aka Sayar da Ragi

Darasi na ɗaya: me ya kawo ragin?

Ku fito da fensir da kalkuleta. Biro ya zauna a aljihu, domin za mu yi goge-goge da yawa.

Takardar lamuni takarda ce da kamfani ko gwamnati ke sayarwa don ta ci bashi. Mu ɗauka wani kamfanin sarrafa dankalin turawa a nan Jos ya fitar da ita ranar 1 ga Janairu. An rubuta a jikinta naira 1,000,000, za a biya bayan shekara 3, kuma ƙarshen kowace shekara za a ba mai riƙe da ita kashi 10 cikin ɗari, wato naira 100,000. Wannan kashi 10 shi za mu kira ruwan takarda.

To amma a ranar, masu kuɗi suna samun kashi 12 a wasu wurare. Wannan shi ne ruwan kasuwa. Wa zai bar 12 ya kama 10? Kamar mai tumatir ne a Farin Gada da kwandonsa bai cika ba: sai ya rage farashi kafin a ɗauka. Shi ya sa kamfanin ya karɓi naira 951,963 kawai. An samo wannan adadi ne ta raba kowane biya na gaba da 1.12, wato 1 haɗe da kashi 12 na ruwan kasuwa, sau ɗaya ga na shekarar farko, sau biyu ga na ta biyu, sau uku ga na ta uku tare da miliyan ɗin, sannan aka tara. Ragin shi ne 1,000,000 a cire 951,963, saura naira 48,037.

Wani dattijo a ajinmu na yamma ya taɓa ce mini, "Malam, ai wannan riba ce." Na ce, "Baba, hukuncinta sai malamai, kuma ga masu irin wannan damuwa akwai sukuk, takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wadda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017. Mu nan rubuta lissafin da ya zo teburinmu muke koyo."

Ga shigarwar ranar farko. Dr na nufin ɓangaren hagu, Cr ɓangaren dama.

| Asusu | Dr | Cr |
|---|---|---|
| Banki | 951,963 | |
| Ragin takardar lamuni | 48,037 | |
| Bashin takardar lamuni | | 1,000,000 |

Tara na hagu. Ya ba ka miliyan ɗaya? Madalla. Bashin da ke littafi yau shi ne miliyan ɗaya a cire ragi, wato 951,963. Ku ja layi a ƙarƙashin kalmomin nan: bashin da ke littafi.

Darasi na biyu: jadawalin

Ragin nan ƙarin kuɗin ruwa ne da kamfani zai biya a ƙarshe, tunda ya karɓi 951,963 amma miliyan cif zai mayar. Ba a jira shekara ta uku a zuba shi gaba ɗaya. Kowace shekara ana gutsurar rabonta.

Ga inda kusan kowa ke tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. Akwai ninki iri biyu, kuma ba sa musayar abokan tafiya. Ruwan takarda yana tafiya da adadin da ke jikin takarda: 1,000,000 × 0.10 = 100,000. Wannan ne kuɗin da ke fita daga banki, kuma ba ya canjawa. Ruwan kasuwa kuwa yana tafiya da bashin da ke littafi a farkon shekara: 951,963 × 0.12 = 114,236. Wannan ne ainihin kuɗin ruwan da ya hau kan kamfani a shekarar.

Ku sake faɗa da baki: kashi 12 da bashin da ke littafi, kashi 10 da na jikin takarda. In ka rikice ba laifi, ni ma da fari sai da na rikice.

Bambancinsu, 114,236 a cire 100,000, shi ne 14,236. Shi za a gutsura daga ragi, a ƙara a kan bashin da ke littafi: 951,963 + 14,236 = 966,199.

Yanzu shekara ta biyu. Me za ka ninka da 0.12? Tsaya, kada ka danna komai tukuna. Ba miliyan ɗaya ba ce. Ba kuma 951,963 ba ne, wannan na bara ne. Sabon adadin za ka ɗauka, 966,199. Ɗora yatsa a kan adadin ƙarshe na layin sama, ka sauko da shi farkon layin ƙasa, sannan ka ninka.

| Shekara | Bashi a farko | Ruwa (× 0.12) | Kuɗin da aka biya | Ragin da aka gutsura | Bashi a ƙarshe |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 951,963 | 114,236 | 100,000 | 14,236 | 966,199 |
| 2 | 966,199 | 115,944 | 100,000 | 15,944 | 982,143 |
| 3 | 982,143 | 117,857 | 100,000 | 17,857 | 1,000,000 |

Mun mayar da kwabbai zuwa naira mafi kusa. Ku lura kuɗin ruwan yana hawa kowace shekara, saboda bashin da ake ninkawa yana hawa.

Jadawalin da kansa yake tona kuskure. In ka ninka 0.12 da miliyan, za ka riƙa samun 120,000, ka gutsuri 20,000 sau uku, ka ƙare a 1,011,963: ka wuce gida. In ka manne wa 951,963 duk shekara, 14,236 sau uku 42,708 ne, naira 5,329 za ta maƙale a asusun ragi. In kuma ka ninka 0.10 da bashin da ke littafi, za ka samu 95,196, ƙasa da abin da aka biya, bashin ya kama gangara maimakon ya hau. Saɓanin naira ɗaya ko biyu a layin ƙarshe daga kwabbai ne, a gyara shi a kuɗin ruwan shekarar ƙarshe. Saɓanin dubbai kuwa, koma ka duba abin da ka ninka.

Makon jiya na karɓi littattafai, fiye da rabinku kun rubuta 114,236 a layi uku. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Wasu ma da biro, bayan na ce fensir. Mai kwafar na maƙwabcinsa ya sani har kuskuren yake kwafowa. Yatsa a ƙarshen layin sama, a sauko da shi, sannan a ninka.

Darasi na uku: shigarwar ƙarshen shekara

Daga jadawali ake kwashe komai. Ranar 31 ga Disamba ta shekarar farko:

| Asusu | Dr | Cr |
|---|---|---|
| Kuɗin ruwa | 114,236 | |
| Banki | | 100,000 |
| Ragin takardar lamuni | | 14,236 |

Ragi ya shiga ta hagu ranar farko, don haka ta dama ake rage shi. Shekara ta biyu haka za a yi da 115,944 da 15,944, ta uku da 117,857 da 17,857. Tara gutsure ukun: 48,037, asusun ragi ya koma sifili. Wasu ofisoshi ba sa buɗe wa ragi asusu dabam, suna rubuta bashin 951,963 tun farko su riƙa ƙara masa. Sakamakon ɗaya ne.

Darasi na huɗu: ranar biya

Bashin takardar lamuni 1,000,000 a hagu, banki 1,000,000 a dama.

Darasi na biyar

In sau biyu ake biya a shekara, kamar takardun lamunin Gwamnatin Tarayya da ofishin kula da basussuka na Abuja ke fitarwa, a raba kowane ruwa biyu: kashi 5 da kashi 6, layi shida. Farashin ranar farko ma sai an sake lissafa shi da 1.06. Ku gwada a gida, ku kawo ranar Asabar.