Kurakuran da ake yi wajen gabatar da mara lafiya a karatun safe

Kusan kullum da safe abin da nake gani ke nan: ɗalibi ko sabon likita ya miƙe da fayil a hannu, ya buɗe shafin farko na bayanin kwantarwa, ya fara karantowa layi bayan layi. Minti takwas suna wucewa yana kan sana'ar mara lafiya da yawan 'ya'yansa, har yanzu ba wanda ya san me ya kawo mutumin asibiti. Na gaji da gyara abu ɗaya ga mutum goma, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bayanin kwantarwa da gabatarwar baka aikinsu ya bambanta. An rubuta bayanin kwantarwa ne don ya adana komai, saboda wanda zai buɗe fayil ɗin bayan wata shida ya samu abin da yake nema. Mai karatu yana iya tsallake shafi, ya dawo baya. Mai sauraro ba shi da wannan damar, abin da ya wuce kunnensa ya wuce. Don haka abin da ake so daga gare ka a cikin minti uku zuwa biyar shi ne ka ja hankalin mutanen ɗakin zuwa cutar da kake zargi, ka ba su hujjar da za su yarda da kai ko su musa maka. Idan ka rubuta abin da za ka faɗa ya haura kalma 400 zuwa 500, to ka kwafo fayil ne kawai.

Amma dogon surutu gajiya kawai yake sa mutane. Kuskuren da yake iya cutar da mara lafiya shi ne gabatar da mutumin jiya, kuma shi ne ya taɓa ƙona ni.

Ina sabon likita aka kwantar da wani magidanci mai shekara 58 da misalin ƙarfe tara na dare, ya yi aman jini sau biyu. Abokin aikina ne ya karɓe shi, ya yi rubutu mai kyau, ni kuma aka ce in gabatar da safe. Na zauna da fayil na tsara magana tsaf, ban je gadon ba. Na faɗi awon jininsa 110 bisa 70, bugun zuciya 104, himogulobin, wato sinadarin jajayen ƙwayoyin jini, 11.2, na rufe da cewa jikinsa ya daidaita. Babbar likitarmu ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Wannan himogulobin ɗin, na ƙarfe nawa ne?" Na ce na lokacin kwantarwa. Ta ce, "Yau da safe ka gan shi?" Na yi shiru. Muka tashi gaba ɗaya muka je gadon. A takardar nas-nas an rubuta ya yi baƙin bahaya sau uku cikin dare, bugun zuciyarsa ya kai 124, awon jini ya sauka zuwa 90 bisa 55. Tafin hannunsa fari fat, goshinsa da gumi mai sanyi. An sake ɗibar jini ƙarfe huɗu na asuba, sakamakon 6.9 yana ɗakin gwaji ba wanda ya karɓo. Mutumin ya rayu, amma ƙarin jinin da ya kamata a fara tun asuba sai hantsi aka ɗaura, kuma da ba ta yi wannan tambayar ba, da maganata ta sa an bar shi zuwa ƙarshen zagaye.

Ku fahimci dalilin, don kada ku ɗauka tsautsayi ne. Idan mutum yana zubar da jini da sauri, jini ne gaba ɗayansa yake fita, ruwansa da ƙwayoyinsa tare. A awannin farko abin da ya rage a jijiya bai tsinke ba, saboda haka himogulobin yana iya fitowa kusan daidai. Sai bayan ruwan jiki ya shigo jijiyoyi, ko an yi masa ƙarin ruwa, sannan adadin gaskiya ya bayyana. Wannan 11.2 da na dogara da shi ba ƙarya ba ne, ya tsufa ne kawai. Tun daga ranar ba na faɗin adadi ba tare da lokacinsa ba, kuma ba na yarda wanda ke ƙarƙashina ya faɗa. Ba na sa alƙalami a takarda sai na yi abu uku: na tsaya a gadon na yi magana da mutumin na taɓa bugun hannunsa, na karanta takardar awon da nas-nas suka cika cikin dare, na bi sawun duk gwajin da aka tura. Minti goma ne. Wanda ya ce min bai samu minti goman nan ba, gara ya miƙe ya ce, "Ranki ya daɗe, ban gan shi da safen nan ba, abin da zan faɗa na daren jiya ne." Wannan zan karɓa. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a ce "ya daidaita" a kan mutumin da ba a gani ba.

Ƙanin wannan kuskuren shi ne haɗiye duk abin da aka rubuta. A fayil ɗin nan an sa "ba ya shan wani magani". Da babbar likitar ta tambaye shi ko akwai abin da yake sha don ciwon jiki, sai ya ce ai wata uku ke nan kullum yana shan daikulofenak saboda gwiwa. Shi a wurinsa magani shi ne wanda likita ya rubuta. Wannan layi ɗaya shi ne rabin gano cutar, domin irin waɗannan magungunan kashe zafi suna raunana kariyar bangon ciki har gyambo ya fito. Wanda ya karɓi mara lafiya tsakar dare a gajiye yake, yana iya tsallake abu. Kai da za ka buɗe baki ka faɗa, nauyin ya dawo kanka. Duk abin da zai iya sauya cutar da ake zargi ko maganin da za a bayar, sake tambaya da bakinka.

Sai jimlar farko, wadda ake yawan ɓatawa da suna da unguwa da lambar gado. Ni abu huɗu nake zubawa a ciki: shekaru, jinsi, tsohuwar cutar da ta shafi wannan zuwan kaɗai, da abin da ya kawo shi tare da tsawon lokacinsa. Daga jin ta masu sauraro za su fara jera cututtuka a ransu, sauran maganar kuma tankaɗe ce.

Abubuwan da babu su ma sai an zaɓa. Wasu suna karanto "ba tari, ba ciwon kunne, ba ƙaiƙayi" har numfashinsu ya ƙare, wasu kuma suna share su duka. A mai aman jini, tambayar da ke ran kowa ita ce: gyambo ne, ko jijiyoyin maƙoshi ne suka fashe saboda ciwon hanta, ko maƙoshin ne ya tsage saboda yunƙurin amai, ko ciwon daji ne? Kowane "babu" da za ka faɗa ya zama yana rufe ɗaya daga cikin ƙofofin nan. Wanda bai rufe komai ba, bar shi a fayil, in an tambaya ka amsa.

Ga yadda ya kamata in gabatar da mutumin nan a ranar:

"Namiji ne mai shekara 58, wata uku yana shan daikulofenak kullum saboda ciwon gwiwa, ya zo daren jiya da aman jini sau biyu a cikin awa shida. Sati biyu kafin nan yana jin zafi a saman cikinsa. Jinin ya zo ne tun a aman farko, ba bayan yunƙuri ba. Bai taɓa shawara ko kumburin ciki ba, ba ya shan giya, bai rame ba, ba ya shan maganin tsinka jini. Lokacin kwantarwa awon jininsa 110 bisa 70, bugu 104, ba alamar ciwon hanta, saifa ba ta kumbura ba. Himogulobin 11.2 ƙarfe tara na dare, yuriya 18, kiriyatinin 90. An ba shi ruwa da omefirazol ta jijiya. Cikin dare ya yi baƙin bahaya sau uku. Yanzu awon jini 90 bisa 55, bugu 124, himogulobin na ƙarfe huɗu 6.9. Ina ganin gyambon ciki ne da maganin ya jawo, kuma har yanzu yana zubar da jini. Fashewar jijiyoyin maƙoshi tana ƙasa a lissafina tunda ba alamar hanta. Ina so a fara ƙarin jini yanzu, a tabbatar da manyan allurai biyu a jijiya, a dakatar da daikulofenak, a leƙa cikinsa da na'ura yau da zarar ya farfaɗo, a kuma sanar da likitocin tiyata."

Bai kai minti biyu ba. Ku lura gwaji uku kawai na ambata cikin goma sha wani abu da aka yi. Yuriya ta shigo ne saboda ta hau alhali kiriyatinin, ɗan'uwanta a gwajin ƙoda, yana daidai, abin da ake gani idan hanji ya narkar da jinin da ya zubo daga sama. Ita ma hujja ce.

Ku kuma lura da "ina ganin". Da yawanku kuna kaiwa ƙarshen gwaje-gwaje sai ku ja birki, ku ɗaga kai kuna jiran babba ya faɗi cutar. Haba! To me aka tara mu mu koya? Faɗi abin da kake zargi, da na biyu, da dalilin da ya sa ka fifita na farko. In ka yi kuskure a gyara tunaninka a nan, inda gyaran ba ya cutar da kowa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ce "ranar Talata ya fara", ka ce "kwana uku kafin kwantarwa", don ba mai lissafin kalanda a ka. Kada ka ce awo "lafiya lau", faɗi adadin. Kada ka cusa ra'ayinka a tsakiyar tarihi, ajiye shi zuwa ƙarshe. Gajerun haruffan da aka rubuta a fayil, faɗe su da cikakken suna. In zauren koyarwa ne mai jama'a, ba ruwan kowa da sunan mara lafiya. Abin da ba ka duba ba, ka ce ba ka duba ba, kada ka ƙirƙiro.

Wasu abokan aikina suna son a rubuta komai kalma bayan kalma a haddace. Ni ban yarda da haka ba, don tambaya ɗaya a tsakiya tana warware haddar. Kati ɗaya nake amfani da shi. Jimlar farko da ta ra'ayina su kaɗai nake rubutawa cikakku, tsakiyar kuwa kalmomi ne na tuni, sai adadi kowanne da lokacinsa a gefe. Daga nan in faɗa da murya sau ɗaya ina duba agogo. In ya wuce minti huɗu, na koma tsakiyar katin na soke duk layin da cire shi ba zai sauya cutar da nake zargi ko abin da za a yi wa mutumin yau ba.